Waiwaye: Yadda guntun wasan barkwanci ya koma karin magana a wayoyinmu

Muhawara ta daɗe tana tafiya a kan guntayen bidiyon barkwanci da ake yankowa a ɗora musu rubutu a watsa. Masu wasan na kukan cewa fuskarsu na yawo ba kuɗi ba suna, wasu iyaye na ganin an mayar da karin magana abin wasa, wasu kuma na cewa habaici ya yi yawa har yana raba zumunci. Yawancin masu magana suna ɗora abin a kan zuwan TikTok, alhali kuwa ya riga shi da shekaru masu yawa.

Farkon labarin sananne ne. 'Yan kama da 'yan gambara sun daɗe suna juya magana a kasuwa don a yi dariya, ga kuma wasan taubasai da na Fulani da Barebari. Talabijin ta ɗauki wannan gado a Kaduna da Kano da Jos, inda irin su Samanja da Karkuzu suka shiga gidajen mutane. Daga 1990 fim ɗin kaset ya kankama a Kano, marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, ya zama fuskar barkwancin zamanin. A duk wannan lokaci abin dariya yana zaune ne cikin labari. Sai ka san wane ne ake bi bashi, wace ce kishiya, kafin maganar ta ba ka dariya.

Inda abin ya sauya, kuma ba a cika tunawa da shi ba, shi ne shagunan masu turi, wato 'yan dawunlodin, a shekarun da wayar hannu mai ɗaukar memori ta bazu bayan zuwan salula Najeriya a 2001. Memorin ƙarami ne, turawa ta Bluetooth kuma tana cin lokaci, don haka fim ɗin awa biyu ba ya shiga hannu da sauƙi. Sai masu turi suka riƙa yanko wurin da ya fi ban dariya, na minti ɗaya ko biyu, su matse shi zuwa 3GP. Hoton irin wannan fayil sau da yawa 176x144 ne, fuska da ƙyar ake gane ta, saboda haka murya ce ke ɗaukar nauyin dariyar, kuma guntun da ya fi tafiya shi ne wanda ke da magana mai tsayuwa da ƙafarta.

Abu biyu suka faru a nan. Na farko, an cire maganar daga labarinta, aka ga ba ta mutu ba, ta ma fi saurin yawo. Na biyu, dole mai shago ya sa wa kowane fayil suna gajere don mai saye ya gane shi a ɗan allon wayarsa, kuma ba sunan fim yake sawa ba, yakan sa maganar da aka fi tunawa ko halin da ke ciki. Wannan sunan fayil shi ne kakan rubutun da muke gani a saman bidiyo yau. A nan ne kuma sunan mai wasa da na mai shiryawa suka fara faɗuwa, domin jerin sunaye yana farko ko ƙarshen fim, almakashi kuwa tsakiya yake ci. Ko da WhatsApp ya kawo Status mai ɗaukar gajeren bidiyo a 2017, da sitika a 2018, ya tarar da mutanen da suka riga suka saba da guntu. Abin da ya ƙaru shi ne kallo ba sauti, a ofis ko cikin mota, wanda ya mayar da nauyin daga murya zuwa rubutu.

Dalilin da ya sa karin magana ya dace da wannan tsari yana cikin ƙirarsa. Da yawa daga cikinsu gaɓa biyu ne, kuma Bahaushe ya saba faɗin ta farko ya bar mai sauraro ya ƙarasa. A ɗauki wasan da aka kama wani baƙo da hannu a tukunyar miya, maimakon ya ba da haƙuri sai ya ɓarke da rawa da surutai. A cikin wasan wurin zai iya kai minti uku, amma mai yanka daƙiƙa shida zuwa takwas yake bukata. Yana farawa kamar daƙiƙa ɗaya kafin matar gida ta shigo, don a ga hannun a tukunya, ya bar lokacin da ido ya haɗu da ido, ya yanke da zarar rawar ta fara. A sama ya rubuta "Tabarmar kunya..." ya tsaya nan. Rawar ce ke cewa "da hauka akan naɗe ta", mai kallo kuma shi ke haɗa su a ransa, daga haɗawar nan dariyar ke fitowa.

Ana gane wanda bai iya ba ta hanyoyi kaɗan. Idan ya rubuta karin maganar gaba ɗaya, mai kallo ya gama dariyarsa a karatu, bidiyon ya zama maimaici. Idan ya bar rawar ta yi tsawo, hankali ya koma kan rawar, maganar ta ɓace. Idan rubutun ya wuce layi biyu, ba a gama karantawa kafin fuskar ta sauya, sai a rasa daidaituwar lokaci. Akwai kuma mataki na biyu da ya fi jawo rigima, inda ake ƙara layi kamar "Mai cin bashi ranar da aka haɗu a biki". Da wannan layi guntun ya tashi daga barkwanci ya zama habaici, kowa na iya aika shi ga wanda yake nufi, da fuskar ɗan wasan da bai san ana yi ba.

Wasa da kalmomi ya fi wahalar tsallakawa zuwa rubutu, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A baki, gari na zama da gari na tuwo ba su kama da juna, don haka idan yaro a wasa ya yi kamar bai gane wane gari aka aike shi ba, kunne na jin cewa da gangan ya juya maganar. A rubuce kalmar ɗaya ce, sai mai kallo ba sauti ya kasa gane inda aka juya. Haka haruffa masu lanƙwasa: wasu nau'o'in rubutu a manhajojin yanka bidiyo ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sukan fito da ɗan akwati, sai mutane su koma k da d da b, baƙi masu zuwa gida su zama baki na cin abinci. Wani lokaci wannan ruɗanin yakan haifar da sabuwar dariya da ba ta cikin wasan asali, amma galibi yana kashe wadda ke akwai. Shi ya sa gwanaye ke barin wasan kalma ga murya, su ajiye rubutu don karin magana.

Masu wasan yanzu sun fara rubuta barkwancinsu da sanin za a yanka shi. Suna gina wurin dariya ya cika cikin daƙiƙa goma, suna kuma sa tambarinsu kusa da fuska maimakon kusurwa, domin kusurwa ce ke fara tafiya idan aka rage hoton ya dace da tsayin allon waya.