Fomular Excel ta ba ka lissafin da ba shi ba?

"Malam, fomulata ta yi tsawo, daga ina zan fara dubawa?"

Daga baka ta can ciki, domin ita Excel ke fara lissafawa.

"In goge in sake rubutawa?"

A'a. Kuskuren nan za ka maimaita.

"Da me ake dubawa?"

Na sha faɗa, F9. Shiga gidan fomular da F2, zaɓi ɓangare guda cikakke tare da bakarsa, danna F9, amsar wannan ɓangaren kaɗai za ta fito. Wasu kwamfutocin cinya sai an haɗa da Fn. Ka fita da Esc, don Allah! In ka danna Enter, lambar ta maye gurbin ɓangaren ke nan. Akwai kuma Evaluate Formula a ƙarƙashin Formulas, mai bi da kai mataki-mataki.

"Ba ta nuna kuskure, amma kuɗin bai cika ba."

To, wannan ita ce mai wahalar. Wani ƙanena da ke riƙe lissafin shagon atamfa a Kantin Kwari ya kawo mini wannan:

```
=IFERROR(IF(B2>=10,VLOOKUP(A2,Farashi!A:C,3,FALSE),VLOOKUP(A2,Farashi!A:C,2,FALSE))*B2,0)
```

Wanda ya sayi turmi 10 zuwa sama a ba shi farashin sari, ₦13,500, in bai kai ba ₦15,000. Mutum ya ɗauki turmi 8, maimakon ₦120,000 sai ga ₦108,000. Yaron ya rantse VLOOKUP ce. Muka duba su biyun da F9, kowacce ta kawo farashinta daidai. Da muka zo kan `B2>=10` sai ga TRUE. Yaushe takwas ta kai goma? Muka zaɓi `B2` kaɗai, ta fito `"8"`, da alamun zance. Ashe a matsayin rubutu aka shigar da ita, kuma a wajen kwatanci Excel na ɗora rubutu sama da kowace lamba. Wajen ninkawa kuwa sai ta mayar da shi lamba shiru, shi ya sa babu alamar matsala.

Ba na cewa taka ma haka take ba. Wataƙila tazara ce a ƙarshen sunan kaya, `LEN` za ta tona ta. Wataƙila an manta FALSE a VLOOKUP. Amma dai fara gwada `=ISNUMBER(B2)`. In ta ce FALSE, mayar da gidan General sannan ka sake buga lambar, sauya tsarin kaɗai ba ya isa. Kada kuma ka danna F9 a kan `Farashi!A:C`, layukan sun yi yawa, ƙorafi kawai za ka samu.

"Sifili take ba ni."

IFERROR ɗin da ka lulluɓe ta da ita ce. Cire ta tukuna ka ga ainihin kuskuren.

"Ina jin tsoron ɓata takardar maigida."

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Yi kwafi, ka yi gwajinka a can.