Haɗin bakin manyan masu sayarwa a kasuwa

Haɗin baki a kasuwa shi ne idan masu sayar da wani kaya ƴan ƙalilan ne, sai su zauna su yanka wa kowa kason da zai fitar don kaya ya yi ƙaranci farashi ya hau. A ƙasashe da yawa laifi ne ga kamfanoni. Wanda aka fi sani shi ne OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu arzikin man fetur da aka kafa a Bagadaza a 1960, Najeriya ta shiga a 1971.

Abin da ke sa a ci amana

A ɗauka ƙasashe biyu ne, kowace an ba ta ganga 100, farashi dala 30, kuɗin haƙo ganga dala 10, ribar kowa 2,000 kenan. Sai ɗaya ta ƙara ganga 10 a ɓoye farashi ya sauko 29. Ita ribarta ta koma 2,090, wadda ta riƙe alƙawari kuma ta koma 1,900, wato kuɗin ƙarin gangunan aljihun wadda ta ci amana ya shiga ita kaɗai amma faɗuwar farashin tare aka raba. To ita ma ɗayar ai ba za ta zuba ido ba, tana ƙara nata 10 ɗin farashi ya zama 28, kowa ya tashi da 1,980, ƙasa da inda aka fara. Abin ya fi tsanani idan mambobi na da yawa, ko babu mai iya ƙirga abin da kowa ke lodawa a jirgi, ko gwamnati na cikin matsin bashi tana neman kuɗi yau yau.

Tarihi

OPEC ta fara raba kaso ne a 1982, jimilla wajen ganga miliyan 17.5 a rana. Ba a daɗe ba wasu suka fara wuce nasu, wasu kuma suna ragin farashi a bayan fage. Najeriya ma ta karya farashinta a farkon 1983 bayan man Birtaniya ya sauko, kuma gaskiya da wuya a ga laifinta don masu saye guduwa suke yi. Saudiyya ce ta riƙa rage nata don tare farashi, daga kusan miliyan 10 a 1981 har ya dawo wajen miliyan biyu da rabi a tsakiyar 1985. Da haƙuri ya ƙare ta buɗe famfo, a 1986 ganga ta faɗo daga kusan dala 27 zuwa ƙasa da 10, a shekarar ne ma aka sauke ministan manta Ahmed Zaki Yamani. Buɗe famfon nan dai shi ne hukuncin da ƙungiyar ke da shi, kuma har mai yin hukuncin yake ci.

A 1990 Iraƙi ta zargi Kuwait da wuce kaso kafin ta mamaye ta. Ko yaya girman wannan a cikin dalilan yaƙin, masana sun saɓa.

Yanzu

Tun ƙarshen 2016 ana raba kason ne tare da Rasha da wasu ƙasashe a ƙarƙashin OPEC+.