Kafin ku ce iska ce, ku tambaya ko ya bugu a kai

Makon jiya aka kawo mana wani magidanci asibiti daga Rigasa, ƙannensa biyu na riƙe da shi. Sun ce da mutum ne mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da surukansa. Yanzu ashar yake yi a gaban 'ya'yansa, ya rabar da jarin shagonsa, kuma ko a jikinsa. Sati 3 ana ta hayaƙi, wai sammu ne. Sai da na matsa da tambaya ƙaramin ya ce, "Af, Malama, ya dai faɗi a mashin ya bugi goshi, amma ai tashi ya yi ya karkaɗe rigarsa." Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, sai ga jini ya taru ta gaba yana danne ta.

Jama'a, wannan ajiye mara lafiya a ɗaki ana cewa iska ce ya ishe ni.

Saman ƙwaƙwalwa kashi 4 ne manya a kowane ɓangare, kowanne da aikinsa. Na bayan goshi shi ke riƙe da kunya, tsara al'amura da motsa gaɓoɓi. In ya taɓu hali ya canja, ko hannu da ƙafa su mutu, ko mutum ya san abin da zai faɗa amma maganar ta ƙi fita.

Na saman kai kuwa shi ke sanin taɓawa da inda jiki yake. Na ga wata tsohuwa da ke cinye tuwon da ke dama a kwano ta bar na hagu, ta ce ya ƙare. Jikokinta na ta dariya, alhali shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwarta. Daman ƙwaƙwalwa ce ke kula da hagun jiki, hagu ke kula da dama.

Na gefen kunne, a nan ji yake, da fahimtar magana da ajiye sabon abu. Mutum ya yi ta zuba zance ba kai ba gindi, ko ya ji warin da ba wanda ya ji, ya ƙura ido yana tauna baki na minti ɗaya ko biyu. Wannan na jin wari da tauna baki farfaɗiya ce, tana da magani, amma ita kuka fi kira aljanu. Na ƙeya gani ne: ido lafiya lau, mutum na karo da ƙofa ta gefe guda.

Ban hana addu'a ba, 'yan uwana. Ku yi ta a cikin Keke Napep, kuna hanyar asibiti.

Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta rikice: a tafi yanzu, ba gobe ba. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. A riƙe lokacin da abin ya fara. A faɗa mana duk wata faɗuwa, ko ta wata 2 da suka wuce ce, musamman ga tsofaffi. Masu mashin kuma, hular kwano ba ta rataya a kan hannu ba ce.