Kacici-kacicin gwajin cuta

Kacici-kacicin gwajin cuta tambaya ce ta lissafi da ake koyar da dokar jimlar yiwuwa da ka'idar Bayes da ita, wato ka'idar da ke nuna yadda ake sabunta yiwuwa idan an sami sabuwar shaida. An gwada mutum, sakamako ya nuna yana da cuta. Sai a tambaya, yaya girman yiwuwar cewa da gaske yana da ita? Ingancin gwajin kaɗai ba ya ba da amsa. Dole a san yawan masu cutar a cikin jama'ar da mutumin ya fito, kuma wannan adadin ne mafi yawan mutane suke mantawa da shi, har da likitoci.

Asali

Ka'idar ta samo sunanta daga Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila da aka haifa a wajajen 1701, ya rasu a 1761. Bai buga aikin da ransa ba. Abokinsa Richard Price ne ya tsince shi cikin takardun da ya bari, ya gyara, ya miƙa wa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan a 1763. Pierre-Simon Laplace na Faransa ya kai ga wannan tunani a 1774, ga alama ba tare da ya san aikin Bayes ba, kuma shi ne ya faɗaɗa shi sosai.

Sigar kacici-kacicin da ta fi shahara ta fito a 1978, a mujallar New England Journal of Medicine. Ward Casscells da abokan aikinsa biyu, Schoenberger da Graboys, sun yi wa mutum 60 tambaya a asibitocin koyarwa na Harvard: ɗalibai 20, likitoci masu neman ƙwarewa 20, manyan likitoci 20. Tambayar ita ce: cuta tana kama mutum 1 cikin 1,000, gwajinta kuma yana nuna cuta bisa kuskure ga kashi 5 cikin ɗari na masu lafiya. Idan gwajin ya nuna wani yana da ita, ba a kuma san komai game da alamomin jikinsa ba, mece ce yiwuwar yana da ita? Mutum 27 suka ce kashi 95 cikin ɗari. Mutum 11 kacal suka ba da amsar daidai, wato kusan kashi 2.

David Eddy ya ba da rahoton irin wannan kuskure a 1982 game da hoton nono da ake ɗauka don gano cutar daji: likitoci da yawa sun ce kusan kashi 75, alhali amsar ba ta wuce kashi 8 ba.

Warwara

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙirga mutane. A ɗauka an tara mutum 1,000 a harabar asibiti, an gwada kowa. Mutum ɗaya ne mai cutar, kuma a ɗauka gwajin ya kama shi (tambayar ba ta faɗi haka ba, amma haka aka saba ɗauka). Saura 999 lafiyarsu lau, sai dai kashi 5 cikin ɗari nasu, wato kusan mutum 50, za su karɓi takarda mai cewa suna da cutar. Idan aka ce masu irin wannan takarda su koma gefe guda, mutum 51 ne za su tsaya, kowa hankalinsa a tashe, kuma ɗaya ne tak a cikinsu yake da cutar. Ɗaya cikin 51 kuwa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba.

Wannan ƙirge shi ne dokar jimlar yiwuwa. Dokar ta ce idan abu yana iya faruwa ta hanyoyi da ba sa haɗuwa, kuma babu wata hanya bayansu, to yiwuwarsa ita ce jimlar yiwuwar kowace hanya. A nan hanyoyin biyu ne: ko mai cuta ne gwaji ya kama, ko mai lafiya ne gwaji ya yi wa ƙarya. Idan P yana nufin yiwuwa, C cuta, L lafiya, alamar + sakamakon da ya nuna cuta, P(+|C) kuma yiwuwar + idan an san akwai C, to layukan farko su ne dokar jimlar yiwuwa, na biyu kuma ka'idar Bayes:

```
P(+) = P(+|C)P(C) + P(+|L)P(L)
     = (1)(0.001) + (0.05)(0.999)
     = 0.05095

P(C|+) = P(+|C)P(C) / P(+)
       = 0.001 / 0.05095
       ≈ 0.0196
```

P(C) ita ce yiwuwar farko, abin da aka sani tun kafin a ɗebi jini. P(+|C) da P(+|L) su ne suke nuna yadda sakamakon ya dace da kowane hali. P(C|+) kuma ita ce sabuwar yiwuwa bayan an ga sakamako. Tushen kuskuren shi ne rikita abubuwa biyu masu kama da juna a baki: yiwuwar gwaji ya nuna cuta ga mai ita, da yiwuwar mutum yana da cuta idan gwaji ya nuna. Na farko halin gwajin ne. Na biyu kuwa yana canjawa da irin mutanen da ake gwadawa.

Kada a ɗauka gwajin bai tsinana komai ba. Ya ɗaga yiwuwar daga 1 cikin 1,000 zuwa kusan 20 cikin 1,000. Tashi ne babba, sai dai daga ƙasa sosai aka faro.

Sabunta yiwuwa

Ƙarfin shaidar gwaji ana samunsa ne idan aka raba P(+|C) da P(+|L). A nan 1 a raba da 0.05 ya ba da 20, ma'ana wannan sakamako ya fi zuwa wa mai cuta sau 20 a kan mai lafiya. Kafin gwaji, mai cuta 1 ne a gaban masu lafiya 999. Bayan gwaji sai a ninka ɓangaren cuta sau 20, ya zama 20 a gaban 999.

Idan aka sake wani gwaji mai ƙarfi iri ɗaya, shi ma ya nuna cuta, amsar ɗazu ita ce ta zama yiwuwar farko. A sake ninkawa, a sami 400 a gaban 999, wato kusan kashi 29 cikin ɗari. Na uku zai kai shi 8,000 a gaban 999, kusan kashi 89. Amma wannan ninki yana da sharaɗi mai nauyi: kuskuren gwaji na biyu kada ya rataya a kan na farko. Idan wani abu ne a jinin mutumin yake ruɗin gwajin, maimaita irinsa zai maimaita ƙaryar ne kawai, lissafin kuma ya ba da tabbacin da babu shi. Shi ya sa gwajin tabbatarwa yakan zama na wani iri dabam.

Haka kuma gwaji ɗaya yana ba da amsa dabam a wuri dabam. A ce a ɗakin duba marasa lafiya ne, inda mutum 1 cikin 10 na masu zuwa da wasu alamomi yake da cutar. Farawa 1 a gaban 9, bayan gwaji 20 a gaban 9, kusan kashi 69 cikin ɗari. Gwajin bai canja ba, mutanen ne suka canja.

Saɓani

Gerd Gigerenzer da Ulrich Hoffrage sun nuna a 1995 cewa mutane sun fi samun amsar idan aka ba su tambayar da ƙirgen mutane maimakon kaso, don haka suna ganin laifin yana ga yadda ake gabatar da alƙaluma. Wasu kuma suna cewa kalmomin tambayar 1978 suna da harshen damo, domin ana iya fahimtar kashi 5 ɗin a matsayin kason ƙarya cikin duk sakamakon da ya nuna cuta, wanda hakan zai sa kashi 95 ya zama daidai. Ba a daina muhawara kan yadda ya kamata a fassara sakamakon ba.

A aikace

Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar a sami sakamako uku a jere, daga gwaji iri uku, kafin a tabbatar wa mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, saboda kason masu ita cikin waɗanda ake gwadawa ya ragu a ƙasashe da dama.