Wajiban mai ba da aiki bayan hatsari a wurin aiki (Jamhuriyar Nijar)

A dokar Nijar, hatsarin aiki shi ne duk hatsarin da ya sami ma'aikaci saboda aikinsa ko a lokacin da yake cikin yin sa, ko mene ne musabbabinsa. Ya haɗa da wanda ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki, zuwa ko dawowa, muddin mutum bai ratse don wata buƙata tasa da ba ta shafi aiki ba, da kuma wanda ya auku a tafiyar da ubangidansa ya aike shi. Ƙa'idojin suna cikin kundin dokokin ƙwadago na 25 ga Satumba 2012 da kuma dokar 18 ga Agusta 1965 da ta ɗora wa asusun kula da jin daɗin ma'aikata na ƙasa, CNSS, nauyin biyan diyya. A Damagaram, ofishin sufeton ƙwadago na jiha da reshen CNSS na Zinder ne ke karɓar waɗannan lamurra.

Tsarin ya raba nauyi gida biyu. Mai ba da aiki shi ke da agajin farko, da albashin ranar da abin ya faru, da kai rahoto. Sauran kuɗin magani da diyya na wuyan CNSS. Abin da ke haɗa biyun shi ne rahoton: idan ba a kai shi ba, asusun bai san an yi hatsari ba, kuma ba zai fitar da ko dala ba.

Kuɗin zubi

Mai ba da aiki shi kaɗai ke biyan kuɗin zubi na inshorar hatsarin aiki, kashi 1.75 cikin 100 na albashi, kuma ba a lissafa abin da ya haura sefa 500,000 a wata. Ba a cire wa ma'aikaci kome a nan. Ga mai albashin jika 90, zubin sefa 1,575 ne a wata. Wajibi ne a yi wa ma'aikaci rajista tun daga ɗaukarsa, ko da na ɗan lokaci ne, kuma almajiran koyon sana'a ma dokar ta shafe su. A nan ne akasarin matsalar Damagaram take: maƙera, kafintoci, masu walda da ƴan kwangilar gini da yawa suna aiki da yara ba tare da wata takarda ba, sai ranar da injin ya ci yatsa a tuna da zancen.

Sa'o'in farko

Da zarar abu ya faru, ubangida ya tabbatar an yi wa mai rauni agajin gaggawa, a sanar da likitan kamfani idan akwai, in babu a kai shi gidan likita mafi kusa. Karaya mai muni ko rauni a ka galibi sai an dangana da babban asibitin ƙasa na Zinder. Abin da aka kashe a wannan agaji na farko na ubangida ne, haka ma cikakken albashin wannan yini, ko da ƙarfe 8 na safe aka ji ciwon.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan gaɓa shi ne a zarce wajen maɗori ba tare da likita ya gani ba. Ɗorin gargajiya ba ya bayar da takardar shaida, kuma CNSS da takardar likita take aiki. Idan bayan wata biyu ƙashi ya haɗe a karkace aka je asibiti, sai a rasa abin da zai nuna cewa raunin daga wurin aiki ya samo asali.

Rahoto cikin awa 48

Mai ba da aiki yana da awa 48 ya sanar da sufeton ƙwadago da CNSS, a kan takardar rahoton da asusun ya tanada. Ana rubuta sunan ma'aikaci da lambarsa ta CNSS, lambar kamfani, rana da sa'a da wurin da abin ya faru, aikin da yake yi a daidai lokacin, abin da ya ji masa ciwo, gaɓar da ta taɓu, sunayen shaidu, da albashinsa.

Yadda aka rubuta bayanin yana da tasiri. “Ya ji ciwo a ƙafa” ba ya gamsar da kowa. Abin da ake so shi ne irin wannan: “Ranar Talata da ƙarfe 10 na safe, yana shafe a kan katakon tsayawa mai tsawon mita 3, katakon ya karye, ya faɗo a kan ƙafarsa ta hagu.” A kula da hagu da dama. Idan rahoto ya ce hagu, takardar likita ta ce dama, sai an sake komawa baya a gyara kafin a biya. Haka nan suna: wanda ake kira da laƙabi a wurin aiki, a rubuta shi yadda yake a katinsa na CNSS, harafi da harafi.

Likita yana bayar da shaida iri biyu. Ta farko tana bayyana raunukan da ya gani da kwanakin hutun da ya yanke. Idan jinya ta zarce, sai ya ƙara wata ta tsawaitawa. Ta ƙarshe tana nuna ko mutum ya warke sarai, ko kuwa raunin ya tsaya inda magani ba zai ƙara gyara shi ba, ya bar nakasa. A ta farko ya kamata mai rauni ya faɗi duk inda ke masa ciwo. Wanda ya faɗo daga sama hankalinsa na kan ƙafar da ta karye, ciwon baya sai daga baya yake tasowa, kuma abin da ba a rubuta tun farko ba yana da wuyar shigarwa.

Ubangida ba shi da hurumin yanke cewa “wannan ba hatsarin aiki ba ne” ya riƙe rahoto. Idan yana da shakka, ya kai rahoton ya rubuta shakkarsa. CNSS ce ke yanke hukunci. Idan kuwa raunin ya yi kisa ko ana ganin zai bar nakasa, sufeton ƙwadago yana gudanar da bincike, ya ji ta bakin shaidu, ya duba wurin. Hatsarin hanya, misali ma'aikaci a bayan kabu-kabu daga Garin Malam zuwa wurin aiki, yana buƙatar takardar awon ƴan sanda ko jandarma, domin ita ke nuna wuri da sa'a, da kuma wanda ya yi karon. Idan ubangida ya ƙi kai rahoto, ma'aikacin da kansa ko iyalinsa suna da damar kaiwa har zuwa shekara 2 bayan hatsarin.

Kuɗin magani

Bayan agajin farko, asusun ke ɗaukar kuɗin likita, tiyata, kwanciya asibiti, magunguna, hoton ƙashi, motsa gaɓoɓi, ƙafa ko hannun roba, da kuɗin motar zuwa jinya. A aikace, sau da yawa ubangida ko dangi ne ke fara biya a farmasi, daga baya a nemi a mayar musu. Don haka kowace takardar magani a ajiye ta tare da rasidinta, mai ɗauke da sunan majinyaci da kwanan wata. Maganin da aka saya a tebur a kasuwa ba a mayar da kuɗinsa.

Duk tsawon jinyar, yarjejeniyar aiki a dakace take, ba ta mutu ba. Ubangida na iya ɗaukar wani ya riƙe wurin, amma kwanciyar jinya ba hujjar sallama ba ce.

Yadda ake lissafin diyya

A ɗauki maginin nan da ya faɗo daga katakon tsayawa a misalin rahoto na sama, mai albashin jika 90 a wata, a ce albashinsa na yini ya kama sefa 3,000, kuma likita ya ba shi hutun kwana 70. Ranar Talatar da ya faɗo ubangida ne zai biya. Daga Laraba CNSS ta karɓa: rabin albashin yini a kwana 28 na farko, sannan kashi biyu cikin uku daga rana ta 29. Kwana 28 a kan sefa 1,500 ya ba da 42,000. Sauran kwana 42 a kan sefa 2,000 ya ba da 84,000. Jimilla 126,000. Ma'aikata da yawa suna zaton cikakken albashi za su karɓa, shi ya sa ya kyautu a yi wa iyalin wannan bayani tun ranar farko.

Idan ƙafar ta bar ɗingishi, likitoci su ke yanke girman nakasar, a kashi cikin 100. Ba wannan adadi ake ɗorawa kai tsaye a kan albashi ba. Abin da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa. Albashin wannan magini na wata 12 da suka wuce sefa 1,080,000 ne. Nakasa ta kashi 20 tana komawa 10, sai ya riƙa samun 108,000 a shekara, daidai da jika 9 a wata, ko da ya koma bakin aiki. Da a ce kashi 70 aka yanke, 50 na farko su koma 25, sauran 20 su koma 30, a haɗa 55, wato 594,000 a shekara. Nakasar da ba ta kai kashi 10 ba, a dunƙule ake biyanta sau ɗaya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har sai da mai taimaka masa a ci da wanka, ana ƙara masa kashi 40 a kan fanshonsa.

Duk wannan lissafi a kan albashin da aka bayyana yake tafiya. Ubangidan da ke biyan jika 90 a hannu amma ya rubuta jika 45 don rage zubi, ya raba diyyar yaronsa biyu.

Idan rai ya yi halinsa, matar mamaci tana samun kashi 30 na albashin shekara. In mata biyu ne ko fiye, su raba wannan kashi 30 daidai wa daida. Ƴaƴa biyu na farko kashi 15 kowane, na bayansu 10 kowane, iyayen da yake ciyarwa 10 kowane, amma jimilla ba ta wuce 85. Mai mata biyu da ƴaƴa huɗu ya riga ya kai 80. Idan aka ƙara uwa da uba ya zama 100, sai a rage wa kowa gwargwadon rabonsa har a sauko 85. Wannan ba rabon gado ba ne, kuma takardu ake tambaya: ta aure, ta haihuwar kowane yaro, ta mutuwa. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a rubuta shi a magajin gari ba, sai an nemo hukuncin kotu da ke tabbatar da shi.

Sulhun gida da laifin ubangida

Abin da aka saba gani shi ne manya su zauna, ubangida ya biya asibiti, ya ba da jika 100 ko 200, a yi fatiha. Taimakon yana da kyau, amma ba ya ɗauke wajibin rahoto, kuma ba ya kashe haƙƙin da doka ta ba ma'aikaci. Ga mai nakasar kashi 20 da ke sama, jika 200 ba su kai fanshon shekara 2 ba.

Ubangidan da bai yi wa ma'aikaci rajista ba, ko bai kai rahoto ba, yana fuskantar tara, da biyan bashin zubi tare da kuɗin jinkiri. Idan bincike ya nuna sakaci ne wanda ba shi da uzuri, misali an sha faɗa masa katakon ya ruɓe bai sake shi ba, ana iya ƙara diyyar a ɗora masa ƙarin. Ma'aikacin da ya ji wa kansa ciwo da gangan kuwa ba shi da diyya. Saɓani kan ko hatsarin na aiki ne, ko kan adadin da aka biya, ana fara kai shi gaban CNSS. In ba a daidaita ba, a wuce kotun ƙwadago.