Rangwame Kafin Haraji: Yadda Ake Bin Lissafin Inbois

Takardar lissafin kaya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, ita ce shaidar da doka ta sani tsakanin mai saye da mai sayarwa game da harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kayan da aka saya, don haka ake buƙatar ta nuna sunan mai sayarwa, da lambarsa ta biyan haraji, da ranar ciniki, da darajar kayan, da harajin da aka ɗora da kuma kasonsa. Tun ranar 1 ga Fabrairu, 2020, bisa dokar kuɗi ta 2019, kason harajin a Nijeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Kason kansa ba ya rikita kowa. Inda lissafi yake karkacewa shi ne adadin da aka ɗora kason a kansa.

A ɗauka cewa wani magini da ke aiki a Arkilla ya shiga shagon kayan gini a cikin garin Sakkwato, ya ɗauki bandir 12 na kwanon rufi a kan naira 85,000 kowanne, da bokiti 20 na fenti a kan naira 18,500, da kwali 5 na ƙusa a kan naira 22,000. Aikin farko shi ne ya bi kowane layi da kansa, ya ninka yawan kaya da farashin guda: kwano 1,020,000, fenti 370,000, ƙusa 110,000, jimilla naira 1,500,000. Wannan mataki ba ya buƙatar wayo, sai dai haƙuri, kuma a nan ake kama bandir da aka rubuta a matsayin falle, ko layin da aka maimaita sau biyu.

Bayan an yi ciniki, mai shago ya yi masa rangwamen kashi 4 cikin ɗari, wato naira 60,000. Ƙa'idar ita ce ana ɗora harajin ne a kan ainihin kuɗin da aka sayar da kaya, kuma tunda an yi rangwamen a wurin ciniki aka rubuta shi a takardar, kuɗin kayan ya zama naira 1,440,000. Kashi 7.5 na wannan adadi ya kama naira 108,000, abin biya ke nan naira 1,548,000.

To, idan takardar ta zo da naira 1,552,500 fa? Bambancin naira 4,500 ne, kuma shi kansa bambancin yana faɗin inda aka kauce, domin 4,500 daidai yake da kashi 7.5 na rangwamen 60,000. Abin da ya faru shi ne yaron shago ya ɗora haraji a kan 1,500,000, ya samu 112,500, sannan daga baya ya cire rangwame, sai mai saye ya biya haraji a kan kuɗin da aka riga aka yafe masa. A ganina galibin irin wannan kuskure ba ha'inci ba ne, sabo ne na jera lissafi ba bisa tsari ba, amma magini da ke sayen kaya duk mako bai kamata ya bar shi ya wuce ba. Ya isa ya ce, "Alhaji, a sake duba mana, an sa haraji kafin a cire ragi," a soke takardar a rubuta sabuwa, maimakon a goge adadi da biro, domin takardar da mai shago zai kai wa hukumar haraji dole ta yi daidai da wadda ke hannun mai saye.

Wuri na biyu da ake yawan tuntuɓe shi ne inda aka ce farashin ya riga ya haɗa da haraji. Mai son sanin harajin da ke cikin naira 1,548,000 yakan ɗauki kashi 7.5 nata kai tsaye ya samu 116,100, alhali wannan ba daidai ba ne, tunda adadin yana ɗauke da harajin a cikinsa. Hanyar ita ce a raba jimillar da 1.075, a samu 1,440,000, abin da ya rage, wato 108,000, shi ne haraji. Wannan rabawa tana kuma aiki a matsayin gwajin ƙarshe ga kowace takarda da duk kayanta ake biya wa haraji: idan sakamakon bai koma daidai kan kuɗin kaya bayan rangwame ba, akwai kuskure a wani wuri. Saɓanin kobo kaɗan yana iya fitowa daga na'urar da ke cike kobo layi-layi, amma saɓanin dubbai ba daga nan yake ba.

Gwajin yana daina aiki idan kayan sun gauraya. Da maginin ya ƙara buhun shinkafa don abincin leburori a takarda ɗaya, to kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora wa mai saye wannan haraji a kansu, don haka sai a ware layin shinkafar tare da rabonsa na rangwame, a yi lissafin kashi 7.5 a kan sauran kawai, sannan a mayar da kuɗin shinkafar cikin jimilla.