Ciwon Toshewar Jijiyoyin Jinin Ƙafa

Ciwon toshewar jijiyoyin jinin ƙafa, wanda ake rubutawa PAD a katin asibiti, shi ne ƙuntacewar jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa ƙafafu. Galibi maiƙo ne ke taruwa a bangon jijiyar tsawon shekaru, ya ƙandare, har hanyar jinin ta matse. Shan taba da ciwon suga ne kan gaba wajen jawo shi, sai hawan jini, yawan kolestarol, ciwon ƙoda da tsufa.

Ciwon tafiya

Tsokar da ke hutawa jini kaɗan ya ishe ta, don haka mai ciwon ba ya jin komai a zaune. Da ya fara tafiya sai tsokar ta nemi ƙarin jini, jijiyar ta kasa kai shi, sai sha-raɓa ta ɗaure ko ta yi nauyi. Abin yana da tsari: yana zuwa bayan kusan nisa iri ɗaya kullum, yana saurin zuwa a hawa ko ɗauke da kaya, kuma yana sakin mutum cikin ƙasa da minti 10 idan ya tsaya cik, ko da bai zauna ba. A Legas matakalar gadar tsallaka titi kan tona shi tun kafin tafiyar fili ta nuna komai.

Toshewar tana sama da inda ake jin ciwon. Ciwon sha-raɓa, wanda ya fi yawa, yana nuni ga jijiyar cinya ko ta bayan gwiwa. Na cinya da mazaunai kuwa ga manyan jijiyoyin cikin ƙugu, kuma a maza yakan zo da raunin gaba.

Mutane kan ce sanyi ne ko tsufa, su yi ta shafa man zafi. Amma ciwon gaɓa yakan fi tsanani da fara motsi, kuma a gwiwa ko ƙugu yake zama. Wanda matsewar ƙashin baya ke jawowa yakan zo ko a tsaye, ba ya saki sai an zauna ko an sunkuya. Masu toshewar jijiyar da yawa ba sa jin ciwon tafiya sam, musamman tsofaffin da suka rage tafiya.

Tarihi

A 1831 wani likitan dabbobi Bafaranshe, Bouley, ya bayyana irin wannan ɗingishi a jikin doki. Likita Bafaranshe Charcot ya bayyana shi a jikin ɗan Adam a 1858. Ana danganta kwatanta awon jinin ƙafa da na hannu ga wani likitan Amurka, Travis Winsor, a 1950, amma awon bai bazu ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960, da aka samu na'urar Dofla mai jiyo motsin jini. A 1954 likitan tiyata Bafaranshe Fontaine ya kasa ciwon mataki huɗu: babu alama, ciwon tafiya, ciwo a kwance, sai gyambo ko ruɓewa.

Awon idon sawu da damtse

Ana rubuta shi ABI. A ƙafa mai lafiya ƙarfin jini a idon sawu daidai yake da na damtse, ko ya ɗan ɗara shi. Idan akwai toshewa a hanya, ƙarfin yana faɗuwa a ƙasa da ita.

Majiyyaci zai kwanta rigingine, ya huta minti 5 zuwa 10, kuma kada ya sha taba awa 2 kafin awon. A zaune ba a yin sa, domin nauyin jini yana ƙara lambar ƙafa. Ana naɗa madaurin awon hawan jini dab da saman idon sawu, faɗinsa ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na kewayen ƙafar. A shafa man awo, a kafa kan na'urar Dofla a karkace, kusurwa digiri 45 zuwa 60, har a ji bugun. Sai a hura madaurin ya wuce inda sautin ya ɓace da 20 mmHg, wato lamba 20 a ma'aunin hawan jini, a riƙa sassautawa a hankali. Lambar da sautin ya dawo a kanta ita ake rubutawa. Ana auna jijiya biyu a kowace ƙafa, ta saman ƙafa da ta bayan idon sawu na ciki, sannan damatsa biyu.

```
ABI = mafi girma a idon sawu ÷ mafi girma a damtse
```

Daga 1.00 zuwa 1.40 lafiya ne. Daga 0.91 zuwa 0.99 bakin iyaka ne. 0.90 ko ƙasa da haka yana tabbatar da ciwon, ƙasa da 0.40 kuma ƙafar tana cikin haɗari.

Misali: mai gadi a Agege, ɗan shekara 62, mashayin taba, wanda sha-raɓarsa ta dama ke ɗaurewa kafin ya kai masallacin Juma'a. Damtsen dama 150, na hagu 140, don haka da 150 za a raba ƙafafun biyu. A ƙafar dama an samu 90 da 96. 96 a raba da 150 ya ba da 0.64. A hagu an samu 144 da 150, wato 1.00. Lambar ta dace da ƙorafinsa. Da an auna damtsen hagu kaɗai, da an samu 0.69, ciwon ya bayyana da sauƙi fiye da yadda yake. Shi ya sa ake auna hannu biyu, don jijiyar hannu ma tana toshewa.

Inda awon ke yaudara

Wannan ne ya fi cancantar kulawa. A ciwon suga da ya daɗe da ciwon ƙoda, sinadarin kalsiyam yana ƙandarar da bangon jijiya, ta zama kamar bututun ƙarfe da madauri ba ya iya matsewa. Sai lambar idon sawu ta haura, a ce 230 a kan 150, wato 1.53. Duk abin da ya haura 1.40 ba shaidar lafiya ba ne. Mafi muni, ƙandarewa kaɗan na iya ɗaga lambar ƙafa mai toshewa zuwa 1.0, a sallami mai ita. A nan ana komawa babban yatsa da ƙaramin madauri, domin jijiyarsa ba ta cika ƙandarewa ba; idan an raba lambar yatsan da ta damtse, ƙasa da 0.70 yana nuna ciwo.

Idan lambar ta fito daidai amma alamun sun yi kama, ana sa mutum tafiya a kan na'ura ko ɗage-ɗagen dunduniya, a sake aunawa nan take. Faɗuwar da ta wuce kashi 20 cikin 100 tana nuna toshewa. Madauri mai ƙaramin faɗi da kumburin ƙafa su ma suna ɓata lissafi. Awon kuma ba ya nuna wurin toshewar. Wannan aikin hoton jijiyoyi ne, da ake samu a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba.

Magani

Daina taba ne farko. Ana ba da maganin kolestarol na rukunin sitatin da asfirin ko kilofidogiral, ana daidaita suga da hawan jini, domin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi yanke ƙafa yi wa mai ciwon barazana. Tafiya kanta magani ce: minti 30 zuwa 45, sau uku a mako, aƙalla mako 12, a yi har ciwon ya zo, a huta, a ci gaba. Maganin silostazol yana ƙara nisan tafiya, amma ba a bai wa mai raunin zuciya.

Alamun gaggawa

Ciwon yatsu da dare wanda ke sauƙi idan an sauke ƙafa daga gado, gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, da yatsan da ya yi baƙi, duk suna buƙatar likitan jijiyoyin jini ba da jinkiri ba. A fata mai duhu, tafin ƙafa da farce ake dubawa don ganin ɗashewa. Kada a gasa irin wannan ƙafa da ruwan zafi, kada a yi mata tsaga, kada a ɗaure ta tam da bandeji kafin awo. Ƙafar da ta yi sanyi da zafin ciwo farat ɗaya, ta mutu ko ta ƙi motsi, awa 4 zuwa 6 kawai tsokarta ke jurewa.